Daga Akwati Zuwa Akwati: Yadda Ake Warware Wa Sabon Shiga Littafin Darasin Python

Malaman da ke koyar da Python a yau da wuya su tsaya kan rubutu a allo kaɗai. Galibi sukan miƙa wa ɗalibai wani fayil da sunansa ke ƙarewa da `.ipynb`, wato littafin darasi na Jupyter. Ɗalibi zai buɗe shi ya tarar an shimfiɗa komai: ga bayani, ga kod a ƙarƙashinsa, ga amsa a ƙarƙashin kod, wani lokaci har da zane mai launi. Sai ya kama danna `Shift` da `Enter` daga sama har ƙasa, amsoshi na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ransa ya yi fari ya ce ai ya gane darasi. Ranar da aka ce ya canja lamba guda ya faɗi abin da zai biyo baya, ranar ido ke raina fata.

Ba laifinsa ba ne kacokan. Irin wannan littafi ba don masu koyo aka fara ƙera shi ba. Tushensa IPython ne, wanda Fernando Pérez ya soma rubutawa a 2001 lokacin yana karatun digiri na uku a fannin kimiyyar fizis a Jami'ar Colorado, don ya sauƙaƙa wa kansa aikin bincike. Siffar littafi ta fito a 2011, sannan a 2014 aka ware ta da sunan Jupyter. Masu bincike ne suka yi shi don masu bincike, mutanen da tuni sun san abin da ke gudana a bayan shafi. Sabon shiga kuwa shafin kawai yake gani, kuma shafin ba ya faɗin rabin labarin.

Don haka mai son ya bayyana wa wani irin wannan littafi, malami ne ko yaya ne da ya riga ƙanwarsa shiga fagen, aikinsa na farko ba karanta kod ba ne. Aikinsa shi ne ya nuna mata cewa abubuwa biyu ne a gabanta. Na ɗaya shafin da take gani, wanda aka yanka shi zuwa akwatuna, kowanne ana kiransa `cell` a manhajar. Na biyu kuma wani shiri ne da ke aiki a ɓoye, wanda sunansa ke jikin maɓallin `Kernel` a saman shafi, a nan za mu riƙa ce masa kanel. Kanel kamar magatakarda ne da ke zaune bayan labule: ba ya ganin shafin ko kaɗan, abin da aka miƙa masa kawai yake karantawa, a daidai jerin da aka miƙa masa, kuma duk abin da aka ce ya riƙe yana riƙe da shi har sai an sallame shi. Wanda ya kama wannan tun farko ya tsallake yawancin ruɗanin da ke jiran sa a gaba.

A ɗauka littafin na darasin farko ne, kan lissafin makin ɗalibai biyar. Akwatin farko ba kod ba ne, kanun darasi ne da ɗan bayani, irin akwatin da ake kira `Markdown`. Ana gane shi da cewa babu bakan lamba a gefen hagunsa, kuma kanel ba ruwansa da shi. A karanta shi kamar yadda ake karanta kowane rubutu, a wuce.

Akwati na biyu yakan zo da layi irin wannan:

```python
import matplotlib.pyplot as plt
```

A nan ne masu bayani da yawa ke ɓata rabin sa'a, su tsunduma cikin tarihin ɗakunan karatu na kod har mai sauraro ya fara hamma. Ba a bukatar haka a ranar farko. Jimla biyu sun isa: wannan layi yana ɗauko kayan zane da wasu suka riga suka rubuta, kuma daga yanzu za a riƙa kiran kayan da gajeren suna `plt`. Idan aka ga `ModuleNotFoundError`, kayan ne ba a saka a wannan kwamfutar ba, ba ɗaliba ce ta yi ɓarna ba. Shi ke nan, a ci gaba.

Akwati na uku ne wurin da ya kamata a yada zango.

```python
scores = [62, 45, 71, 38, 59]
```

Ƙanwar ta danna, ba abin da ya fito. Abin da za ta fara faɗa kusan kullum ɗaya ne: "Yaya, bai yi ba." Alhali ya yi. Shaidar tana gefen hagu, inda bakan da ke wofi ya koma ɗauke da lamba. Layin bai nemi a nuna komai ba, umarni ne na ajiya: ɗauki jerin lambobin nan biyar, ka laƙa masa suna `scores`. Alamar `=` a Python ba ita ce "daidai da" ta ajin lissafi ba. Ana fara karanta layin daga dama, a ga abin da aka samu, sannan a dawo hagu a ga sunan da aka ba shi. Wanda bai koyi wannan karatu na dama zuwa hagu ba a nan, zai yi tuntuɓe da shi nan da akwati uku.

Daga wannan akwati mai bayani ya kamata ya sa a ɗauko takarda da biro. A ja layi a tsakiya, hagu a rubuta suna, dama a rubuta abin da sunan ke riƙe da shi. Wannan takarda ita ce hoton abin da ke cikin kan kanel, kuma ɗalibar ce za ta riƙa cike ta da hannunta, ba malami ba. Yanzu tana da layi biyu: `plt` kayan zane, `scores` lambobi biyar. Kowane akwati da za a shiga daga nan, tambayoyi uku ake yi masa kafin a taɓa maɓalli. Waɗanne sunaye yake bukata daga takardar? Me yake yi da su? Me zai bari a takardar idan ya gama?

Akwai wata dabara da ke buɗe wa sabon shiga ido fiye da dogon jawabi, ita ce rarrabe kalmomin da ke cikin kod. Ga wanda bai iya karantawa ba, duk Turanci ne iri ɗaya, duk abin tsoro ne. Amma ba ɗaya suke ba. Wasu na Python ne, ba a taɓa su, irin su `import` da `for` da `if`. Wasu sunayen ayyuka ne da harshen ya zo da su, irin su `print` da `sum` da `len`. Sauran kuwa malamin da ya rubuta darasin ne ya raɗa su don ra'ayin kansa. Hanyar tabbatar da haka mai sauƙi ce: a ce ta goge `scores` a ko'ina ta sa `maki`, ta gani ko wani abu zai lalace. Ba abin da zai lalace. Python 3 ma yana karɓar haruffa masu lanƙwasa a cikin suna, don haka `ɗalibai` suna ne halastacce. Da zarar ta ga kwamfuta ba ta damu da Turancin sunan ba, sai ta daina ƙoƙarin haddace abin da bai kamata a haddace ba.

Akwati na huɗu:

```python
average = sum(scores) / len(scores)
average
```

Kafin a danna, sai ta yi hasashe. Wannan ba wasa ba ne, kuma ba sabon tunani ba ne: tsarin koyarwa na PRIMM, wanda Sue Sentance da abokan aikinta suka fito da shi a King's College London, ya sa hasashen abin da kod zai yi a matakin farko, kafin gudanarwa, kafin bincike, kafin gyara, kafin ɗalibi ya rubuta nasa. Dalilin a fili yake. Wanda ya ga amsa tukuna zai gyaɗa kai ga kowane bayani aka yi masa, amma wanda ya faɗi tasa amsar sannan ya ga ta kwamfuta, nan take zai san inda tunaninsa ya karkace.

To, a bi tambayoyin uku. Akwatin yana bukatar `scores`, kuma yana nan a takarda. `sum` zai tara lambobin ya ba da 275, `len` zai ƙirga su ya ba da 5, a raba a sami 55. Sunan `average` ya shiga takarda. Ta ce amsa 55 ce, ta danna, allo ya nuna `55.0`. Wannan ɗan sifilin da ke bayan ɗigo ya cancanci minti ɗaya: a Python 3 alamar raba `/` kullum lamba mai ɗigo take bayarwa, ko da rabon ya tashi cif. Abu na biyu da za a lura da shi shi ne me ya sa wannan akwati ya yi magana alhali na baya ya yi shiru. Jupyter yana nuna ƙimar layin ƙarshe na akwati idan layin ba umarnin ajiya ba ne. Shi ya sa malamin ya sake rubuta `average` shi kaɗai a ƙasa. A goge layin, a sake dannawa, akwatin zai yi shiru kamar ɗan'uwansa.

Yanzu an iso inda aikin yake. Malamin yana son ya ƙirga waɗanda suka ci, ya raba aikin gida biyu. Akwati na biyar layi ɗaya ne:

```python
passed = 0
```

Na shida kuma:

```python
for s in scores:
    if s >= 50:
        passed = passed + 1
print(passed)
```

Layi huɗu ne a ido, amma kanel ba sau ɗaya yake bin su ba, kuma wannan ne shafin ba ya nunawa. Kuskuren da mai bayani kan yi shi ne ya faɗi ma'anar gaba ɗaya, ya ce "wannan yana ƙirga waɗanda suka haura hamsin," ɗaliba ta ce to. Ta ji abin da akwatin yake yi, amma ba ta ga yadda yake yi ba, gobe kuwa wani akwati za a ba ta. Abin da ya fi shi ne a bi zagayen da ƙafa, lamba bayan lamba, tana gogewa tana sake rubutawa a takardarta.

Layin farko yana cewa: ɗauki abubuwan da ke cikin `scores` ɗaya bayan ɗaya, wanda ke hannu a kowane zagaye ka kira shi `s`. Zagaye na farko `s` ya zama 62. Shin 62 ya kai 50 ko ya wuce? Ya wuce, don haka a shiga layi na uku. A nan ne ɗalibar da ta yi lissafi a sakandare za ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, ta yaya abu zai zama daidai da kansa a ƙara ɗaya?" Sai a tuna mata karatun dama zuwa hagu: a duba takarda, `passed` yana riƙe da 0, a ƙara 1 a sami 1, a mayar wa sunan sabuwar ƙima. Ta soke 0 ta rubuta 1. Zagaye na biyu `s` ya zama 45, bai kai ba, a tsallake layi na uku, `passed` yana nan a 1. Na uku 71, ya koma 2. Na huɗu 38, yana nan a 2. Na biyar 59, ya koma 3. Jeri ya ƙare, sai yanzu kanel ya sauko kan `print`, ya buga 3.

Me ya sa `print` ya jira har ƙarshe? Saboda inda yake tsaye. A Python tazarar da ke gaban layi tana da ma'ana: layin da aka tura ciki, bisa al'ada da tazara huɗu, na ƙarƙashin layin da ke samansa mai ƙarewa da ɗigo biyu ne. `print` yana manne da gefen hagu, don haka ba ya cikin zagayen. A sa ta tura shi ciki da tazara huɗu, ya daidaita da `if`, ta yi hasashe, sannan ta danna. Amma kafin ta danna, akwai tarko.

Idan ta sake gudanar da akwati na shida ba tare da ta koma na biyar ba, ba daga sifili za a fara ba. Kanel yana riƙe da 3 tun ɗazu. Ko ba ta canja ko harafi ɗaya ba, dannawa ta biyu za ta buga 6, ta uku ta buga 9: mutum tara sun ci jarrabawa a ajin mutum biyar, kuma babu jan rubutu, babu gargaɗi, kod ɗin da ke shafi kuwa daidai yake harafi da harafi. Gwanin mai bayani ba ya kare ɗaliba daga wannan tarko. Da gangan yake barinta ta faɗa, ta ga 6, ta rikice, sannan ya nuna mata takardarta ya tambaye ta nawa `passed` yake riƙe da shi kafin ta danna. Ita da kanta za ta gano cewa sai ta koma akwati na biyar ta mayar da shi 0. Idan ta yi haka, sannan ta gudanar da akwatin da ta tura wa `print` ciki, za ta ga lambobi biyar a jere, 1, 1, 2, 2, 3, daidai da abin da ta rubuta da biro.

Wannan matsala ta ɓoyayyen ajiya ba ta sababbin shiga kaɗai ba ce. A taron JupyterCon na 2018 Joel Grus ya gabatar da jawabi mai suna "I Don't Like Notebooks", kuma babban ƙorafinsa shi ne wannan. A 2019 João Felipe Pimentel da abokan bincikensa suka tattara littattafan Jupyter sama da miliyan ɗaya daga GitHub, suka sake gudanar da fiye da dubu ɗari takwas daga cikinsu. Kimanin kashi 24 cikin ɗari ne kawai suka kai ƙarshe ba kuskure, kuma kimanin kashi 4 cikin ɗari ne suka sake ba da amsar da ke rubuce a cikinsu. Dalilan suna da yawa, har da rashin fayilolin bayanai da rashin kayan da aka ɗauko, amma gudanar da akwatuna ba bisa jeri ba yana cikinsu.

Alamar da ke tona asirin wannan tana gefen hagu, a lambobin cikin baka. Ba lambar akwati ba ce, kamar yadda sabon shiga ke zato. Ƙirgen dannawa ce: kowane lokaci aka miƙa wa kanel akwatin kod, lambar na ƙaruwa da ɗaya. Idan ana sauka ana ganin 1, 2, 3, 4, 5, an bi jeri. Idan aka ga 1, 2, 3, 4, sai 7, an san akwatin ƙarshe ya sha dannawa sau uku, ko kuma an gudanar da wani abu da aka goge daga baya. Idan tauraro `[*]` ya tsaya a bakan, kanel bai gama ba tukuna, ƙara dannawa ba zai hanzarta shi ba, layi kawai zai ƙara masa.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wadda ke kama mutum washegari. Fayil ɗin yana adana amsoshin jiya tare da kod, amma ba ya adana abin da ke kan kanel. Ɗaliba ta kashe kwamfuta, ko batir ya mutu bayan an ɗauke wuta, ko kuma tana aiki a Google Colab, inda kanel ke zaune a kwamfutocin Google kuma ake sallamarsa idan an daɗe ba a taɓa shi ba. Ta dawo ta ga `55.0` da 3 suna nan daram a shafi, ta nufi akwati na shida kai tsaye, sai ga jan rubutu:

```
NameError: name 'scores' is not defined
```

Saƙon kuskure daga ƙasa ake fara karanta shi. Layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren da abin da ya jawo shi, na sama kuma suna nuna wurin da ya faru. Wannan yana cewa babu suna `scores` a wurin kanel. Dalili biyu ne suka fi yawa: ko ba a gudanar da akwatin da ya raɗa sunan ba, ko an yi kuskuren harafi, misali `Scores` da babban baƙi, wanda Python ke ɗauka a matsayin wani suna dabam. Mai takarda a hannu ba ta bukatar kowa ya gaya mata, ta san sabon kanel takardarsa fara ce fat.

Maganin duka biyun yana ƙarƙashin `Kernel`, a umarnin da ke sake tayar da kanel ya gudanar da dukan akwatuna daga sama, wanda JupyterLab ke rubutawa `Restart Kernel and Run All Cells`. A Colab ana samun makamancinsa a ƙarƙashin `Runtime`. Ya kamata mai bayani ya yi wannan tun kafin zama ya fara, don ya tabbata littafin malamin ma yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma goge tsofaffin amsoshi da `Clear Outputs of All Cells` don kada ɗaliba ta leƙa amsa kafin ta yi hasashe.

Akwatin ƙarshe, mai `plt.plot(scores)`, ba zai ɗauki minti uku ba ga wadda ta biyo hanyar nan. Sunaye biyu yake bukata, duka suna takarda, ɗigon da ke tsakanin `plt` da `plot` yana nufin a ɗauko aikin zane daga cikin kayan da aka shigo da su. Abin da zai ba ta mamaki kawai shi ne layin ƙasa na zanen ya fara daga 0 ya tsaya a 4, domin Python daga sifili yake ƙirga matsayi: `scores[0]` shi ne 62, `scores[4]` shi ne 59, wanda ya nemi `scores[5]` kuwa `IndexError` zai samu.

Iyakar wannan hanya ita ce, karatu take koyarwa, ba rubutu ba, kuma tana cin lokaci. Littafin darasi mai akwati arba'in ba zai ƙare a zama ɗaya da takarda da biro ba, bai kuma kamata a gwada ba. Gara a zaɓi akwatunan da ke canja abin da suna ke riƙe da shi a yi musu bin ƙafa, sauran a wuce su da jimla guda. Sannan kada a tashi sai an gwada ta da abin da ba ya cikin littafin. A ce ta mayar da makin ci 40 maimakon 50, ta faɗi amsa kafin ta taɓa maɓalli. Idan ta ce 4, ta iya bin zagaye. Idan kuma ta koma akwati na biyar da kanta ta mayar da `passed` sifili kafin ta danna na shida, ba tare da an tuna mata ba, to a buɗe mata darasi na biyu.